Bakin hoto mai tsabta: abin da Hardness, Opacity da Flow ke yi wa magogi

Duk wanda yake kallon fostocin biki da na siyasa da sitikun da ake mannawa a jikin kwano da bokiti ya san hoton da aka yanko da gaggawa. Ko dai a ga wani farin hazo ya kewaye kafaɗar ango, ko a ga gefen hularsa ya yi haƙora-haƙora, ko kuma a hango ragowar launin bangon da aka ɗauki hoton a gabansa yana leƙowa ta bayan kunne. Akan ɗora laifin a kan hannun mai aikin, a ce bai iya bin layi ba. Sau da yawa hannun lafiyarsa lau. Lambobi ukun da ke saman allo, waɗanda ba a duba ba kafin a fara gogewa, su ne suka ɓata aikin.

A Photoshop magogin shi ne Eraser Tool, ana kiransa da maɓallin E. Kafin a zo kan lambobin, akwai abu biyu da in ba a gyara su ba sauran bayanin ba zai yi amfani ba. Idan hoton yana kan leyar da aka rubuta wa Background mai alamar kwaɗo, magogin ba ya huda komai, shafa launin baya kawai yake yi, wanda galibi fari ne. Mutum zai ga kamar ya goge, sai ya ɗora hoton a kan jan bango ya tarar da farin fenti. A danna Ctrl+J a kwafi leyar, a kashe idon ta ƙasa, a yi aiki a kan kwafin. Na biyu kuma akwatin Mode ne, mai zaɓi uku: Brush, Pencil da Block. Pencil ba ya sassauta gefe ko kaɗan, kowane fiksel ko ya tafi gaba ɗaya ko ya zauna gaba ɗaya, shi ya sa layin da ya karkace yake fitowa kamar matakala. Block ba shi da ko ɗaya daga cikin lambobin nan. Don yanke mutum ko kaya daga hoto, Brush ake so.

Mu ɗauki aiki guda mu bi shi. An kawo hoton ango da amarya da aka ɗauka da waya, faɗinsa fiksel 3000, tsayinsa 4000. Ango yana sanye da farar babbar riga da hula, amarya ta yafa mayafi shara-shara, bayansu koren bango ne. Ana so a cire bangon a ɗora su a kan launin ja mai duhu, a buga katin gayyata, daga baya kuma a buga bana mai tsayin mita 2.

Tambayar da aka fi yi ita ce, Hardness nawa zan sa? Wani ya ce 100, wani ya ce 80, wani ya rantse da 50. A ganina tambayar ce ba ta cika ba, domin Hardness kaso ne na girman buroshin, ba awo ne mai zaman kansa ba. Yana faɗin yawan tsakiyar da'irar da ke gogewa gaba ɗaya, sauran kuwa gefe ne da ke raguwa a hankali har ya ɓace. Idan buroshi yana da faɗin fiksel 20, Hardness yana kan 80, tsakiyar da ke gogewa sosai ta kai kusan fiksel 16, ragowar 4 sun rabu gida biyu, wato laushin kusan fiksel 2 a kowane gefe. A bar Hardness a 80 ɗin nan, a ƙara girman buroshin zuwa 200, laushin ya zama kusan fiksel 20. Lamba ɗaya, amma sakamakon ya ninka sau goma. Wannan ne ya sa mutum zai yi aiki mai kyau a wuyan riga da ƙaramin buroshi, ya danna ] sau da yawa don ya yi sauri a kafaɗa, ya kuma rasa dalilin da kafaɗar ta yi hazo alhali bai taɓa Hardness ba.

Saboda haka abin da ya kamata a fara aunawa shi ne hoton kansa. A zuƙo shi zuwa kashi 300 ko 400, a duba wurin da farar riga ta haɗu da koren bango. Ba za a ga fari ya tsaya cak kore ya fara ba. Akwai 'yan fiksel a tsakani masu launin gauraye, ba fari ba, ba kore ba. A inda kyamara ta kama da kyau, kamar gefen hula ko kafaɗa, sukan kasance biyu ko uku. A inda hoton ya ɗan dushe, kamar hannun rigar da ya yi gaba kusa da kyamara ko wanda ya motsa lokacin ɗauka, suna iya kaiwa shida ko goma. Faɗin wannan gaurayen shi ne laushin da magogi ya kamata ya bari. Idan gefen da aka yanka ya fi na asali kaifi, mutumin zai fito kamar takardar da aka yanka da almakashi aka liƙa. Idan ya fi shi laushi, sai ya zama kamar yana narkewa cikin sabon bangon.

A hotonmu, kafaɗa da hula za su so buroshi mai fiksel 30 da Hardness wajen 85 zuwa 90, abin da zai ba da laushin fiksel ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan aka iso hannun rigar da ya dushe, sai a sauko zuwa 60 ko ma 50 ba tare da an canja girman ba, laushin ya koma shida zuwa bakwai da rabi. Ba sai an buɗe wani akwati ba: Shift+[ yana rage Hardness da kashi 25 a kowane dannawa, Shift+] yana ƙarawa. Wanda yake son lamba tsakanin waɗannan, a Windows sai ya riƙe Alt da maɓallin dama na linzami, ya ja sama ko ƙasa don Hardness, hagu ko dama don girma. Jar da'ira za ta bayyana ta nuna masa laushin da idonsa.

Ko a kan 100, buroshin Brush yana barin ɗan sassauci na kusan fiksel ɗaya don kada layi ya yi haƙora. Don haka 100 ba laifi ba ne. Shi ya dace da tambari, da rubutu, da kwalbar turare ko kwalin kaya da aka ɗauka da kyamara mai kyau. Ga fatar mutum da tufafi ne yakan ɗan yi tsauri, musamman a hoton waya da ya riga ya bi ta WhatsApp aka matse shi, wanda babu wani gefe mai kaifi da ya rage a cikinsa.

Akwai wata yaudara a da'irar da ke bin linzami. A saitin da Photoshop ke zuwa da shi, da'irar tana nuna wurin da ƙarfin buroshin ya kai kusan rabi, ba iyakarsa ta ƙarshe ba. Da buroshi mai tauri bambancin ba ya da yawa. Da mai laushi kuwa, gogewar tana zarce da'irar, tana cin jikin rigar da mutum yake zaton bai taɓa ba. Ana iya sauya wannan a Preferences, sashen Cursors, a zaɓi Full Size Brush Tip. Ni dai na fi ganin a bar babban buroshi mai laushi nesa da gefe gaba ɗaya.

Opacity kuma maganarsa gajera ce idan gefe mai tsabta ake nema: 100, ba ragi. Abin da yake yi shi ne sa iyaka ga jan hannu ɗaya. Idan yana kan 50, duk yadda aka yi ta kai-komo a wuri guda ba a saki linzami ba, rabin fiksel ɗin kawai zai tafi. A saki a sake ja, sai rabin abin da ya rage ya tafi, saura kashi 25. A ja na uku saura 12.5. Lissafin yana ta raguwa, amma kullum akwai saura, kuma duk inda ja biyu suka hau kan juna wurin ya fi maƙwabcinsa gogewa, sai a sami zane-zane kamar sawun tsintsiya. Masu koyo sukan rage Opacity saboda tsoro, wai don in sun yi kuskure kada ya yi muni. Abin da suke samu shi ne koren bango mai kashi 10 ko 20 da ya maƙale a gefen riga. A kan daran fari da toka da ke nuna wurin da aka huda, ido ba ya kama shi. Ranar da aka ɗora jan bango sai ya fito fili.

Sau da yawa ma ba da gangan ake rage shi ba. Muddin magogi ne a hannu, danna lamba a kibod yana canja Opacity: 5 ya mai da shi 50, 0 ya mai da shi 100, 4 da 5 a jere da sauri su ba da 45. Lambobin nan suna saman maɓallin E, yatsa na iya zamewa ya taɓa 3 ko 4 mutum bai sani ba. Idan magogi ya fara barin inuwa ba gaira ba dalili, can za a fara dubawa. Shift da lamba kuma Flow yake canjawa.

Flow shi ne wanda aka fi ruɗewa a kansa, kuma ba a fahimtarsa sai an san yadda buroshi yake ja. Layin da ake gani ba layi ba ne, tambari ne na da'ira da ake bugawa a jere, kowanne yana hawa kan na bayansa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce Spacing, tana cikin Brush Settings da ake buɗewa da F5, kuma ga buroshin da'ira na yau da kullum takan zo a kashi 25 na faɗinsa. Ma'ana duk fiksel ɗin da ke tsakiyar hanya tambari kusan huɗu ne suke bi ta kansa. Flow yana faɗin ƙarfin kowane tambari guda. Idan yana kan 10, na farko ya cire kashi 10, na biyu ya cire kashi 10 na abin da ya rage, haka har huɗu, a ƙarshe kusan kashi ɗaya cikin uku ne ya tafi. In aka dawo ta wurin ba a saki linzami ba, gogewar ta ƙaru, tana ta taruwa har ta kai iyakar da Opacity ya sa. Bambancinsu ke nan: Opacity yana tsayar da ja ɗaya a wani matsayi, Flow yana faɗin saurin da za a kai matsayin.

Illar ƙaramin Flow ga gefe a bayyane take. Fiksel ɗin da ke bakin hanyar buroshi tambari ɗaya ko biyu kawai suke samu, na tsakiya suna samun huɗu, don haka ko Hardness yana kan 100 gefen ba zai fita daidai ba. Da buroshi mai tauri ma har ana ganin da'irorin ɗaya bayan ɗaya kamar sarƙa. Don bin kafaɗar ango, Flow ma 100 ne.

Spacing ɗin nan yana da nasa sharrin ko Flow yana cike, kuma shi ne sanadin gefen da ke fitowa da ƙananan tudu da kwari wanda mutane ke ɗauka rawar hannu ce. Da'irori ne a jere, tsakanin kowace biyu akwai ɗan lungun da ba a taɓa ba. Da buroshi mai fiksel 200 da Spacing 25, zurfin lungun ya ɗan haura fiksel 3, ana ganinsa sarai. A rage Spacing zuwa 10, zurfin ya koma rabin fiksel. Da buroshi mai fiksel 20 kuwa, ko a 25 ɗin bai kai rabin fiksel ba, shi ya sa mai ƙaramin buroshi bai taɓa sanin matsalar ba. Sai dai a lura, rage Spacing yana ƙara yawan tambarin da ke hawa kan juna, don haka buroshi mai laushi yakan ɗan ƙara kaifi. In an canja shi, a gwada a wani lungu na bango a duba kafin a taɓa riga.

Yadda aikin yake tafiya a hotonmu ke nan. Da farko a sa leyar Solid Color a ƙarƙashin hoton, da jan da za a yi amfani da shi a katin, don a riƙa ganin gaskiyar gefen tun ana yi. A zuƙo zuwa kashi 200 ko 300. Da ƙaramin buroshin nan mai fiksel 30 a buɗe siririyar hanya kewaye da mutanen biyu, ba a damu da sauran bangon ba tukuna. Maimakon jan hannu mai tsawo, a danna sau ɗaya, a matsa gaba kaɗan, a riƙe Shift a sake dannawa, Photoshop zai haɗa wuraren biyu da miƙaƙƙen layi. A kafaɗa ana iya yin taku mai tsawo, a lanƙwasar hula sai a gajarta shi sosai har lanƙwasar ta fito sumul. Mai aiki da linzami zai ga wannan ya fi masa jan hannu nesa ba kusa ba. Mai alƙalamin zane kuma ya kashe maɓallan matsin hannu da ke saman allo, na girma da na Opacity, in ba haka ba duk inda hannunsa ya sassauta gogewar ma za ta sassauta. Bayan hanyar ta zagayo, sai a ɗauki babban buroshi mai Hardness 100, ko a kewaye da Lasso Tool a danna Delete, a kwashe ragowar bangon.

A ina daidai buroshin zai bi? Nan ne koren zobe yake samo asali. Fiksel ɗin gaurayen da muka gani a baya suna ɗauke da kore a jikinsu, kuma in aka tsaya a wajensu don tausayin rigar, za su zauna su zama siririn koren zare a kan ja. Kamar fere rake ne, sai wuƙa ta ɗan ci jiki kafin ɓawo ya fita duka. A shiga cikin rigar da fiksel ɗaya ko biyu. A hoto mai faɗin 3000 babu wanda zai ce kafaɗar ango ta ragu. Idan an gama aka ga zaren ya rage a wurare da yawa, akwai Defringe a ƙarƙashin Layer, sashen Matting: a ba shi fiksel 1 ko 2, zai maye launin bakin da launin da ke kusa da shi daga ciki. Yana aiki sosai a gefe mai santsi, amma yakan yi dabbare-dabbare a wurin da ke da ado, kamar aikin zare na wuyan riga, don haka a duba bayan an yi.

Mayafin amarya ne wurin da dokar 100 take karyewa, domin a nan ba gefe ake nema ba. Ana so jan bango ya riƙa leƙowa ta cikin yadin kamar yadda koren yake yi a da. A bi bakin mayafin da saitin gefe kamar sauran. Sannan a cikinsa, inda bango yake ratsowa, a ɗauki babban buroshi mai Hardness 0, a sa Opacity wajen 40, Flow wajen 10, a shafa a hankali ba a saki linzami ba. Ƙaramin Flow yana ba da damar tarawa kaɗan-kaɗan, a ƙara a inda yadin yake falle ɗaya, a rage a inda ya ninku. Opacity kuma yana tsare mutum kada ya huda mayafin gaba ɗaya. Amma magogi ba ya canja launi. Abin da ya rage na yadin yana nan da korensa, sai an bi shi da Hue/Saturation an rage koren, in ba haka ba zai haɗu da ja ya ba da wani launi mai datti. Gemun ango da silin gashin da suka fito daga ɗaurin amarya kuwa, babu haɗin lambobi ukun nan da zai fitar da su da kyau, domin kowane sili bai fi fiksel ɗaya ko biyu ba kuma rabinsa bango ne. Wannan aikin Background Eraser Tool ne ko Select and Mask. In lokaci ya ƙure, gara a bi gemun da ƙaramin buroshi mai Hardness wajen 50 a haƙura da silin da suka tashi, da a bar koren hazo a haɓa.

Kafin a ce an gama, akwai gwajin da ba ya ƙarya. A sa wa leyar Stroke daga Layer Style, launi mai ƙarfi, fiksel 3 zuwa 5, Position a kan Outside. Duk wani ɗigon da magogi ya tsallake, ko da ido ba ya ganinsa, zai sami nasa zoben ya tona kansa. A goge su, a cire Stroke ɗin. Sannan a sauya leyar ƙasa zuwa baƙi, a sake sauya ta zuwa fari: baƙi yana fallasa farin hazo, fari yana fallasa duhun da ya rage.

Dalilin wannan ƙwaƙƙwafi yana bayyana wajen bugawa. A katin gayyata mai fiksel 300 a kowane inci, laushin fiksel 2 bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, kuskure kaɗan zai ɓuya. Amma idan aka ja tsayin fiksel 4000 ya cika bana mai mita 2, kowane fiksel ya zama rabin milimita. Hazon fiksel 20 da babban buroshi ya bari a kafaɗa ya zama santimita guda cur, tudu da kwarin Spacing su zama abin da mai wucewa zai gani. Masu buga hoto a jikin riga da injin da ke shimfiɗa farin tawada a ƙarƙashin launi sun fi kowa shan wahalar wannan, domin fiksel ɗin da aka goge rabi-rabi yakan sami farin a ƙarƙashinsa, sai hoton ya fito da farin ƙura kewaye da shi a kan baƙar riga. Ga irin wannan aiki, Hardness ya matsa kusa da 100 ko da hoton zai ɗan yi kaifi. Wajen adanawa kuma a tuna JPEG ba ya riƙe wurin da aka huda, zai cike shi da fari. PNG ko PSD ake ba mai bugawa.

Mai amfani da GIMP zai sami magogin a Shift+E, da Hardness da Opacity da Spacing kamar yadda aka bayyana, sai dai dole ya fara ba leyar Add Alpha Channel, kuma ya tabbata Hard edge a kashe yake, don shi ne takwaran Pencil. Lissafin girma da laushi bai canja ba.

Magogi yana share fiksel ne har abada, kuma History na Photoshop matakai 50 yake riƙewa in ba a ƙara ba, alhali kowane danna Shift mataki ne, kafin a zagaye hula ɗaya sun ƙare. Shi ya sa masu aikin yau da gobe suka fi son Layer Mask: a shafa baƙi da Brush Tool wuri ya ɓuya, a danna X a shafa fari ya dawo. Duk abin da aka faɗa a kan Hardness da girma da Spacing da cikakken Opacity da Flow haka yake a can ba tare da canjin ko lamba ɗaya ba, sai dai idan mai katin ya dawo washegari ya ce an cinye masa gefen hula, ana iya mayar masa da ita.